Yadda ake gyara rubutun shafi don Google ya gan shi ba tare da an cusa masa kalmomi ba

Wani ƙanina da ke sayar da kilishi a nan Garwa ya kawo mini rubutun shafinsa in duba. An gaya masa cewa in yana so Google ya riƙa nuna shi, sai ya yawaita rubuta kalmar da mutane ke nema. Ga abin da ya rubuta:

"Kilishi Garoua, kilishi mai daɗi a Garoua. Idan kana neman kilishi Garoua ka zo ka sayi kilishi Garoua a wurinmu. Muna sayar da kilishi Garoua, kilichi Garoua, kilishi Garwa, kilishi Maroua, kilishi Yaoundé, kilishi Douala. Kilishi Garoua mai araha."

Kalma 39 ce duka, kuma 11 daga cikinsu kilishi ne. Babu farashi, babu irin naman, babu yadda kaya za su kai wa mutumin Yawunde. Wanda ya buɗe shafin da 'yar datar da ya saya zai fita bai ƙaru da komai ba. Shi ma Google ya sanya irin wannan a cikin dokokinsa na rubutun banza, har ya ambaci jera sunayen garuruwa da maimaita kalma ɗaya fiye da kima a matsayin misali. Na sha gyara irin wannan rubutu, kuma da wannan shafin na kilishi zan nuna maka aikin daga farko har ƙarshe.

Kayan aiki

Ba su da yawa. Kana bukatar rubutun da za a gyara, a kwafe cikin Word ko Google Docs, inda za ka iya ƙirga kalmomi ka kuma nemo kalma da Ctrl+F. Ka ajiye kwafin tsohon rubutun a gefe kafin ka taɓa komai, domin wata rana za ka so ka kwatanta. Kana bukatar waya, ko da a kwamfuta kake aiki, saboda a waya mutanenmu ke karatu, kuma fasalin waya na shafi Google ke dubawa. Ka sa allon rubutu mai haruffan Hausa masu lanƙwasa, wato ƙ da ɗ da ɓ. Gboard yana da shi. Sai takarda da biro.

In shafin yana haɗe da Google Search Console, wato kayan aikin Google na kyauta da ke nuna wa mai shafi yadda shafinsa ke fitowa a bincike, aikinka ya yi sauƙi sosai. In ba ya haɗe, ka haɗa shi yau, ko da ba zai amfane ka a wannan gyaran ba, saboda sai ya ɗan daɗe yana tattara bayani. Kafin nan wayar mai shagon za ta maye gurbinsa, kamar yadda zan faɗa a ƙasa. Ba ka bukatar sayen wata manhaja mai tsada ta binciken kalmomi. Irin waɗannan manhajoji an gina su ne a kan harsunan da ake yawan bincike da su, kuma in ka ba su kalmar Hausa ta kasuwar Garwa, galibi sifili za su nuna maka.

1. Gano abin da mutum yake rubutawa da abin da yake nufi

Nan ne rabin aikin yake, kuma nan ne masu koyo suke gaggawa.

Ka buɗe Google a waya cikin yanayin sirri, wanda a wayoyin da ke kan Faransanci ake rubuta shi navigation privée, domin kada binciken da ka saba yi ya rinjayi abin da za a nuna maka. Ka fara rubuta kalmar a hankali, ka ga abin da Google ke cikasa maka. Ka rubuta su a takarda. Sannan ka sauka ƙasan shafin sakamako ka kwashe binciken da aka ce yana da alaƙa da naka. Ka maimaita da kowace siga: kilishi, kilichi, Garoua, Garwa.

In akwai Search Console, ka shiga Performances, ka zaɓi shafin da kake gyarawa, ka duba Requêtes. A nan za ka ga ainihin abin da mutane suka rubuta har aka nuna musu shafin. Yana ajiye bayanin wata 16, saboda haka kana iya ganin bambancin lokacin azumi da Babbar Salla da sauran watanni.

In babu shi, ka roƙi mai shagon ya karanta maka saƙonni ashirin na ƙarshe da masu saye suka aiko masa ta WhatsApp. Ni na fi ba wannan muhimmanci ko da akwai Search Console. Da muka yi haka da ƙanina, tambayoyin ba su wuce huɗu ba, suna ta maimaita kansu: nawa ne, akwai marar yaji, kuna aikawa Yawunde, kwana nawa yake yi bai lalace ba. Babu ko ɗaya daga cikin amsoshin nan a rubutunsa.

Daga nan ka zaɓi jimlar nema guda ɗaya tak da shafin zai tsaya a kanta. Tamu ita ce kilishi a Garwa. Sauran tambayoyin huɗu su ne naman rubutun. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗora wa shafi ɗaya kilishi da dambun nama da tsire da yajin ƙuli, a ce duk nama ne. Mai neman dambun nama wani mutum ne daban, a yi masa shafinsa.

2. Yanke shawara a kan sigar rubutu

Wannan matsala tamu ce mu da muke rubuta Hausa a yankin Kamaru da makaranta da takardun hukuma suke da Faransanci. Abu ɗaya yana da siga biyu ko uku. Mu muna cewa Garwa, amma a taswira da allon tasha Garoua ne, kuma shi yatsun mutane suka saba bugawa. Bahaushen da ya yi boko da Faransanci, ko Bafulatanin da bai taɓa karanta Hausa a rubuce ba, kilichi zai rubuta. Haka Marwa da Maroua, Kusiri da Kousseri. Wannan ne ke jan mutane su jera duk sigogin a layi ɗaya, kamar yadda ƙanina ya yi.

Abin da nake yi shi ne in zaɓi siga ɗaya ta zama uwa, ita ce za ta shiga kanu da jikin rubutu. Ga sunan gari ina ɗaukar sigar taswira. Ga sunan kaya ina ɗaukar sigar harshen da aka rubuta shafin da shi. Sauran sigar tana samun wuri sau ɗaya, cikin jimlar da mutum zai iya faɗa da bakinsa: "Masu rubutu da Faransanci suna rubuta shi kilichi, abu ɗaya ne." Shi ke nan. Jimlar ta amfani mai karatu, kalmar kuma ta shiga shafin.

In masu sayenka na Duwala da Yawunde yawanci da Faransanci suke bincike, kada ka cakuɗa harsuna biyu a sakin layi ɗaya. Ka yi shafi na biyu da Faransanci zalla, ka haɗa su da mahaɗi. Google yana gane harshen shafi ne daga rubutun da ke bayyane a kansa, kuma shafin da rabinsa Hausa rabinsa Faransanci ba ya gamsar da kowa.

Sai haruffa masu lanƙwasa. Yawancin mutane ba sa buga su a waya; mai neman ƙuli-ƙuli kuli kuli zai rubuta. Kada ka ɗauka cewa injin bincike yana haɗa ƙ da k kamar yadda yake haɗa é da e a Faransanci, domin a wurin kwamfuta é harafin e ne mai alama a ka, amma ƙ harafi ne mai zaman kansa. Gwaji ne zai raba gardama: ka nemi kalmar da lanƙwasa, ka sake nemanta babu lanƙwasa, ka kwatanta sakamako goma na farko. In kusan ɗaya ne, babu damuwa. In sun sha bamban, kuma kalmar ita ce babbar kalmar shafinka, ka bar sigar da ba ta da lanƙwasa ta bayyana a adireshin shafi, inda dama ba a son lanƙwasa. A jikin rubutu kuwa ka rubuta Hausa daidai. Ban yarda a zubar da lanƙwasa gaba ɗaya don a faranta wa inji ba, saboda ƙasa da kasa ba abu ɗaya ba ne, haka ɗaki da daki, kuma mai karatu shi ne zai yi tuntuɓe.

3. Ƙirga, sannan ka karanta da ƙarfi

Ka danna Ctrl+F ka rubuta babbar kalmar. Zai haska maka duk inda ta fito, har da irin su kilishin da kilishinmu. Ka dubi yadda hasken ya bazu. In ka ga tabo uku ko huɗu a jimla ɗaya, ko kowace jimla ta fara da kalmar, ka san inda wuƙa za ta shiga.

Za ka ji ana cewa kalmar ta zama kashi biyu ko uku cikin ɗari na rubutun. Google bai taɓa ba da wani adadi irin wannan ba. Ni ƙirga tana nuna mini inda ciwon yake ne kawai. Awon gaskiya shi ne kunne. Ka karanta sakin layin da ƙarfi kamar kana yi wa baƙo bayani a gaban shago. Duk inda bakinka ya so ya ce "shi" ko "namu" amma takarda ta ce "kilishi Garoua", ka bi bakinka. In da hali ka ba wani wanda bai san shagon ba ya karanta maka, kai kana saurare. Inda ya tsaya ya koma baya, ka sa alama.

4. Sake rubuta jiki da amsoshi

Kada ka tsaya kana cire kalma ɗaya-ɗaya daga tsohon rubutu. In ka cire kilishi goma daga sakin layin can na sama, abin da zai rage ƙashi ne babu nama. Ka ajiye shi gefe, ka ɗauko tambayoyin da ka tara, ka amsa su bi da bi. Ga abin da muka samu:

"Muna yin kilishi a Garoua da naman sa da ake yankawa da safe, a shanya shi a rana, a shafa masa labu na ƙuli-ƙuli da citta da kanumfari, sannan a gasa shi sama-sama. Akwai mai yaji da marar yaji. Ƙaramin ƙunshi sefa 2,000 ne, babba 5,000. Wanda ke Yaoundé ko Douala muna aika masa ta motar ajans, ya biya ta Orange Money ko MoMo, kaya su same shi cikin kwana biyu."

Kalma saba'in da 'yan kai, kilishi sau ɗaya. Amma ka lura da abin da ya shigo: naman sa, labu, ƙuli-ƙuli, yaji, farashi, aikawa, hanyar biya. Waɗannan su ne kalmomin da ke tafiya tare da kilishi a bakin wanda ya san shi, kuma su ne suke tabbatar wa injin bincike da mai karatu cewa shafin a kan kilishi yake da gaske. Yanzu wanda ya rubuta "kilishi marar yaji" yana da abin da zai haɗa shi da shafin, alhali a da babu.

Ka lura kuma da yadda Yawunde da Duwala suka dawo. A tsohon rubutu an jera su ne don kama masu bincike. A sabon sun shigo ne domin da gaske ana aika kaya can. Marwa kuwa ta fita, saboda da na tambayi ƙanina ya ce bai taɓa aikawa can ba. Wannan ita ce ƙa'idata game da sunayen garuruwa: gari ba ya shiga shafi sai in akwai abin gaskiya da za a faɗa a kansa, kamar kuɗin aikawa, ko ranar da mota ke tashi, ko inda ake karɓar kaya. In masu sayenka na Yawunde a unguwar Birkitiri suke karɓa, ka faɗi haka, da sigar da ake rubutawa, Briqueterie.

Akwai wata dabara da ta shafi nahawunmu. Mutum yana buga "kilishi garoua" a waya babu harafin haɗi, saboda sauri. Masu koyo sai su kwafe shi haka cikin jimla, su ce "muna sayar da kilishi Garoua", wanda ba Hausa ba ce. Bahaushe cewa zai yi kilishin Garwa, ko kilishi a Garwa. Siga ta biyu tana barin kalmomin biyu yadda ake buga su, jimlar kuma tana nan lafiya, shi ya sa nake zaɓarta a kanu da jimlar farko. A sauran wurare ina barin kilishin da kilishinmu su zo yadda magana ta kawo su.

Babbar kalmar ta fito a jimla ta farko ko ta biyu. Dalili ba na inji kaɗai ba ne. Mutumin da rezo ya wahalar da shi kafin shafin ya buɗe yana so ya gani nan take cewa ya zo inda yake nema. Saboda haka dogon salamu alaikum da tarihin yadda kakan mai shago ya fara sana'a su koma ƙasa. Ban ce a cire su ba. Masu saye suna son sanin gidan da kaya ya fito, amma bayan sun ga farashi.

Game da tsawo, babu adadin kalmomin da Google ya shar'anta. Shafin kilishin ya ƙare a wajen kalma ɗari uku, domin a nan amsoshin suka ƙare.

5. Ƙananan kanu

In rubutun ya wuce abin da allon waya zai ɗauka sau biyu, ka raba shi da ƙananan kanu. Mu mun mayar da tambayoyin masu saye kanu: "Nawa ne ƙunshi?", "Yadda muke aikawa Yaoundé da Douala", "Yadda ake ajiye kilishi kada ya lalace". Cikin uku, ɗaya ne kawai ke ɗauke da babbar kalmar, kuma ya isa. Ka yi amfani da ainihin alamar kanu ta shafin, wato H2 a WordPress ko Blogger, maimakon ka kaurara rubutu kawai, domin da alamar ce inji da manhajar karatu ta makafi suke gane tsarin shafi.

6. Kanun da ke fitowa a Google da bayanin ƙarƙashinsa

Waɗannan layuka biyu su ne fuskar shafinka a sakamakon bincike. A cikin shafin haka suke:

```
<title>Kilishi a Garoua: farashi da aikawa Yaoundé da Douala</title>
<meta name="description" content="Kilishin naman sa, mai yaji da marar yaji. Ƙunshi daga sefa 2,000. Muna aikawa Yaoundé da Douala cikin kwana biyu.">
```

Ba lallai ka taɓa lambar da hannu ba. A WordPress, ƙarin manhaja irin Yoast SEO yana ba ka akwatuna biyu ka cike.

Kanun nan harafi 53 ne har da sarari. Google yana yanke kanu gwargwadon faɗin allo, kuma abin da ya wuce harafi sittin yana yawan ƙarewa da ɗigo uku. Saboda haka abu mafi muhimmanci ya zo a farko, sunan shago in za a sa ya zo a ƙarshe. Kalmar ta fito sau ɗaya. Tsohon kanun ƙanina kilishi uku ne a jere da sanda a tsakaninsu. Google yana da ikon ya ajiye kanun da ka rubuta ya ɗauko wani daga cikin shafin, kuma a 2021 ya bayyana cewa cusa kalmomi da tsawo fiye da kima suna cikin abin da ke sa ya yi haka. Wato in ka cusa, kana iya rasa ikon zaɓar abin da mutane za su gani.

Bayanin ƙarƙashi ba ya ɗaga shafi sama a jeri. Aikinsa shi ne ya sa mutum ya danna. Shi ya sa na sa farashi da kwanakin aikawa a ciki. Namu bai kai harafi 120 ba, domin ya shiga allon waya. Shi ma Google yakan musanya shi da wata jimla daga jikin shafi in ya ga ta fi dacewa da abin da aka nema, wanda wani dalili ne na gyara jikin da kyau. In farashi ya canza, ka tuna ka gyara shi a nan ma. Mai saye da ya ga 2,000 a Google ya tarar da 2,500 a shago ba zai ji daɗi ba.

Akwai wani akwati da ake kira meta keywords, wanda har yanzu wasu ke cika shi da kalmomi hamsin. Tun 2009 Google ya sanar cewa ba ya amfani da shi wajen jera shafuka. Ka bar shi wayam.

Yoast yana da fitila ja da ruwan lemo da kore. Kada ka bi ta ido rufe. Ba ta san Hausa ba, kuma tana iya ƙin ƙirga kilishin a matsayin kilishi, ta ce ka ƙara. Na ga rubutu mai kyau da aka lalata don neman koren fitila.

7. Hoto, mahaɗi da adireshi

Kowane hoto yana da wurin bayani da ake kira alt. Ka rubuta abin da ke cikin hoton kamar kana gaya wa wanda ba ya gani: "kilishi shanye a kan asabari a rana". Wannan rubutu shi ke fitowa in rezo ya yi rauni hoto bai buɗe ba, abin da ba baƙo ba ne a wurinmu. Hoto biyar kada su ɗauki bayani iri ɗaya.

Mahaɗin da ke kai mutum wani shafi naka ya faɗi inda zai kai shi. "Duba farashin dambun nama" ya fi "danna nan". Biyu ko uku sun isa ƙaramin shafi.

Adireshi ya zama gajere, da ƙananan haruffa, babu lanƙwasa, a raba kalmomi da karan ɗori:

```
/kilishi-garoua
/yajin-kuli-kuli
```

In ka sa ƙ a adireshi, yayin da aka kwafe shi zuwa WhatsApp yakan rikiɗe ya zama %C6%99, mahaɗin ya yi tsawo ya yi muni. Amma gargaɗi: in shafin tsoho ne kuma an riga an yaɗa adireshinsa, kada ka canza shi don kwalliya. In dole ne, sai an yi masa juyi na 301, wato saitin da ke tura mai dannawa kai tsaye daga tsohon zuwa sabon, in ba haka ba duk wanda ya danna tsohon mahaɗi zai tarar da shafi babu.

Abu ɗaya da ba a yi ko kusa: ɓoye kalmomi, kamar rubuta su da farin launi a kan farin bango ko da ƙanƙanin harafi a ƙasan shafi. Yana cikin abin da Google ya haramta ƙarara, kuma yana iya sa a hukunta shafin. In ka gaji shafi daga hannun wani, ka danna Ctrl+A a kansa. Rubutun da aka ɓoye da launi zai haska. Ka kuma leƙa Actions manuelles a Search Console ka ga ko akwai hukunci a kansa.

8. Wallafa, jira, auna

Bayan ka wallafa, ka buɗe shafin a waya ka karanta shi daga sama har ƙasa sau ɗaya. Sannan a Search Console ka liƙa adireshin a Inspection de l'URL ka danna Demander une indexation, wato ka nemi Google ya sake karanta shafin. Sau ɗaya ya isa, maimaitawa ba ta ƙara sauri. In babu Search Console, ka rubuta `site:` a Google haɗe da adireshin shafin babu sarari, ka ga ko sabon kanun ya fito. Yakan ɗauki kwanaki, wani lokaci makonni.

Ka rubuta ranar gyaran a takarda, ka bar shafin ya huta mako huɗu. Masu koyo sukan duba bayan kwana biyu, su ga babu canji, su koma su sake cusa kalmomi, daga nan ba za a ƙara sanin abin da ya yi aiki ba. Bayan mako huɗu ka kwatanta kwana 28 na bayan gyara da 28 na kafinsa, ka dubi lambobi uku: Impressions, wato sau nawa aka nuna shafin, Clics, sau nawa aka danna, da Position moyenne, matsakaicin matsayinsa a jeri.

Ga yadda ake karanta su. A ce an nuna shafin sau 400 an danna sau 8, wato biyu cikin ɗari, alhali yana cikin biyar na farko. Ana ganinka ke nan amma ba a shiga, saboda haka kanu da bayanin ƙarƙashi za ka sake dubawa, ka bar jiki. In kuwa nunin ne kaɗan, ka koma mataki na 1 da na 2, wataƙila sigar da ka zaɓa ba ita mutane ke bugawa ba. In ka ga wata tambaya a Requêtes da shafin bai amsa ba, misali mutane suna neman sari, ka ƙara sakin layi ɗaya da ke faɗin farashin sari da mafi ƙarancin adadin da ake ɗauka. In ana dannawa amma waya ba ta ƙara, ka duba ko lambar kira tana inda ido zai gan ta ba sai an sauka ƙasa ba.

Lambobin shafin Hausa a yankinmu ƙanana ne, saboda haka tashi daga danna 8 zuwa 11 ba hujja ba ce tukuna, sai ka ga ya ɗore wata biyu ko uku. Ka kuma kula da lokaci: cinikin kilishi yana motsi da azumi da salla da lokacin tafiye-tafiye, don haka in gyaranka ya faɗo gab da salla, ka kwatanta da irin wannan lokaci na bara maimakon watan da ya wuce. Sannan ka ce wa mai shagon ya riƙa tambayar kowane sabon mai saye a ina ya ji labarinsa, ya riƙa jan layi a bayan littafin ciniki duk lokacin da aka ce masa a Google ne.